Yadda Ake Koyon Gyaran Ƙananan Matsalolin Shafin WordPress Har A Fara Samun Kuɗi

Yawancin masu son cin abinci da rubuta kod suna farawa ne da burin gina manhaja tun daga tushe, su shafe watanni suna tsalle daga wannan darasi zuwa wancan, har su gaji ba su taɓa karɓar ko sisi ba. Akwai hanya mafi kusa. Mai gyaran janareta a bakin kasuwa ba shi ya ƙera injin ba, amma da ya ji ƙararsa ya san inda zai sa sifana, kuma a kan wannan sanin ake biyansa. Ƙananan ayyukan gyara da ake nema a Fiverr da Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu aiki da masu neman a yi musu aiki, haka suke: ana so ka karanta kod ɗin da wani ya rubuta, ka gano layin da ya lalace, ka gyara shi ba tare da ka ɓata wani wuri ba.

Shawarata ka tsaya a kan abu guda, wato WordPress da harshen PHP da aka gina shi da shi. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kan WordPress suke, kuma masu su galibi 'yan kasuwa ne da ba su san kod ba. Idan shafi ya faɗi, neman mai ɗaga shi suke yi a ranar.

Kayan aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce. Mai RAM 4GB za ta yi aiki da haƙuri, mai 8GB ta fi. Ka fi damuwa da lafiyar batirinta a kan kyan jikinta, domin ɗaukewar wuta kana tsakiyar tura fayil zuwa shafin wani ba abin wasa ba ne. Sai waɗannan manhajoji, dukkansu kyauta ne: VS Code don buɗe kod da gyara shi, Local, wadda ke kafa maka WordPress a cikin kwamfutarka ba sai da intanet ba, FileZilla don shiga fayilolin shafin kwastoma, da burauzar Chrome ko Firefox. Idan Local ta yi wa kwamfutarka nauyi, XAMPP zai maye gurbinta, sai dai Local ta fi sauƙin sauya sigar PHP, kuma nan gaba za ka ga amfanin hakan.

Wanda waya kaɗai gare shi zai iya fara mataki na farko da Termux, manhajar Android da ake rubuta umarni a cikinta, ya rubuta `pkg install php` ya riƙa gwada ƙananan darussa. Amma kada ya karɓi aikin kowa da waya. Haka kuma ka tanadi layin data biyu na kamfanoni daban-daban, da katin shaida na gwamnati mai ɗauke da sunanka na gaskiya, da Turanci gwargwadon karanta saƙo da mayar da amsa a taƙaice.

1. Koyi abin da zai ishe ka karatu

Fara da HTML da CSS na mako biyu zuwa uku, a freeCodeCamp ko MDN. Ba ƙwarewa ake nema ba. Ka dai iya danna F12 a burauza, ka nuna wani maɓalli a shafi, ka ga wace doka ce ta ba shi launi da girma.

Daga nan ka shiga PHP, ka ba shi wata ɗaya da rabi zuwa biyu, awa biyu a kullum. Abubuwan da za ka riƙe ba su da yawa: sunayen da ke farawa da `$`, waɗanda ake ajiye bayani a cikinsu, sharaɗi da `if`, maimaitawa da `foreach`, da yadda ake rubuta `function` a kira shi. Sama da duka, ka gane nau'o'in bayani. `string` rubutu ne, `int` lamba ce, `array` jerin abubuwa ne, `null` kuwa babu komai ke nan. Kaso mai yawa na matsalolin da za a biya ka ka gyara sun taso ne daga kod ya sa ran samun wani nau'in, aka miƙa masa wani.

Kada ka zauna kallon bidiyo hannunka a naɗe. Duk abin da aka nuna, rubuta shi da kanka, ka sauya wani abu, ka ga me zai faru. JavaScript ka ɗan jinkirta shi tukuna. Alamar ka gama wannan mataki ita ce a ba ka layi 40 na PHP da ba kai ka rubuta ba, ka iya faɗa da Hausa abin da kowane sashe yake yi.

2. Kafa shafi a kwamfutarka, ka ɓata shi da gangan

Buɗe Local ka ƙirƙiri shafi. Shiga foldar `wp-content`, nan ne kusan duk aikinka zai kasance. A ciki akwai `themes`, inda tim yake, wato abin da ke ba shafi kamanninsa, da `plugins`, inda fulogin suke, wato ƙarin kayan da ke ba shafi wasu ayyuka kamar fom ko kantin sayarwa.

Yanzu fita daga `wp-content` zuwa babbar foldar shafin, ka buɗe `wp-config.php`. Za ka tarar da layin `WP_DEBUG` an sa masa `false`. Sauya shi, ka ƙara biyu a ƙarƙashinsa, duk a saman layin da ke cewa `That's all, stop editing!`:

```php
define( 'WP_DEBUG', true );
define( 'WP_DEBUG_LOG', true );
define( 'WP_DEBUG_DISPLAY', false );
```

Na farko yana kunna bayyana kurakurai, na biyu yana tara su a fayil ɗin `wp-content/debug.log`, na uku yana hana a baje su a fuskar shafi masu ziyara su gani. Haddace layukan nan uku, kusan kowane aiki da su za ka fara.

Sai ka shiga ɓarna. Buɗe `functions.php` na tim ɗinka ka goge `;` guda ɗaya, ka sabunta shafi, ka je ka karanta abin da `debug.log` ya ce. Za ka ga `Parse error`, kuma za ka lura lambar layin da aka ba ka sau da yawa ta layin da ke bin wanda ka ɓata ce, domin sai da PHP ya isa can ya gane akwai abin da ya ɓace. Mayar da shi. Kira wani `function` da babu shi, ka ga `Call to undefined function`. Sa layi babu komai a saman `<?php`, ka ga yadda `headers already sent` ke fitowa. Kowane ɗaya ka rubuta shi a littafi: abin da ka yi, saƙon da ya fito, da maganinsa. Idan ka tara kamar 20, ka fi wanda ya kalli darussa 100 shirin karɓar aiki.

3. Koyi ware mai laifi

Wani lokaci `debug.log` ba ya faɗin komai, ko ya faɗi abin da bai nuna tushe ba. A nan sai a bi ta ragewa. Sauya wa foldar `plugins` suna zuwa `plugins-off`, WordPress zai rasa su gaba ɗaya ya ci gaba ba tare da su ba. Idan shafi ya tashi, laifin yana cikinsu. Mayar da sunan, ka riƙa sauya sunan foldar kowane fulogin ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi. Idan bai tashi ba, koma kan tim, ka sa ɗaya daga cikin na asali kamar Twenty Twenty-Four ka gani.

Sauyi ɗaya a lokaci ɗaya, ka gwada, sannan na gaba. Mai sauya abu uku a tare, ko shafin ya tashi bai san wanne ya yi magani ba, kuma ba shi da abin da zai gaya wa kwastoma.

4. Aiki guda daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki irin aikin da ya yawaita tun bayan fitowar PHP 8.0 a Nuwamban 2020, ya kuma ƙaru da aka daina yi wa PHP 7.4 gyaran tsaro a ƙarshen Nuwamban 2022, kamfanonin hostin, wato masu ajiye shafuka a intanet, suka shiga matsa wa mutane su hau sabuwar siga.

Wata mai sayar da kujeru da gadaje ta rubuto cewa shafin farko yana buɗewa, amma wasu shafukan kaya suna nuna `There has been a critical error on this website.` Ta ce ba ta taɓa komai ba. Kusan kowa haka yake cewa, kuma yawanci gaskiyarsa ce, don haka kada ka tambaye ta me ta ɓata. Tambaye ta abu uku: yaushe abin ya fara, ko kamfanin hostin ya aiko da saƙo a kwanakin, sannan ta turo adireshin shafi ɗaya da ke buɗewa da ɗaya da ba ya buɗewa. Ta duba ta ga saƙon cewa an ɗaga ta daga PHP 7.4 zuwa 8.1. Tun nan ka san inda aka dosa.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin ajiya na fayiloli da na rumbun bayanai. Idan hostin ɗin yana da cPanel, wato allon sarrafa asusun hostin, sashen `Backup` zai ba ka duka biyun. Sauke su zuwa kwamfutarka, ka tabbatar sun sauka gaba ɗaya. Idan data ta yi ƙaranci kuma shafin yana da nauyi, ka bar `uploads` mai ɗauke da hotuna, ka ɗauki tim da fulogin da rumbun bayanai. Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda ya yi kuskure ya gyara cikin minti biyar da wanda ya rusa kasuwancin mutum.

Kunna layukan nan uku, ka buɗe shafin da ke faɗuwa, ka duba ƙasan `debug.log`:

```
PHP Fatal error: Uncaught TypeError: count(): Argument #1 ($value)
must be of type Countable|array, string given
in /wp-content/themes/shago/single.php:48
```

Karanta shi a hankali. `Fatal error` na nufin kod ya tsaya cik, ba kamar `Warning` ko `Notice` ba da ke gunaguni su wuce. Kada ka ɓata lokaci a kan ɗaruruwan gunagunin da za ka tarar a sama, nemi wanda ya kashe shafin. Saƙon yana cewa `count()`, mai ƙirga abin da ke cikin jeri, ya sa ran `array` sai aka ba shi `string`. Ya kuma ba ka fayil da layi: `single.php`, layi na 48. Ga abin da ke wurin:

```php
$hotuna = get_post_meta( get_the_ID(), 'gallery', true );
if ( count( $hotuna ) > 0 ) {
```

Layin farko yana ɗauko jerin ƙarin hotunan kaya. To amma `get_post_meta`, idan aka sa masa `true` a ƙarshe kuma babu abin da aka ajiye, ba jeri maras komai yake mayarwa ba, rubutu maras komai yake mayarwa, wato `''`. A PHP 7.4, idan aka ba `count()` rubutu, gargaɗi kawai yake yi ya ci gaba. A PHP 8 tsayawa yake. Ke nan kuskuren ya daɗe a kwance, sabuwar siga ce ta ƙi rufa masa asiri. Wannan ya kuma bayyana dalilin da wasu shafuka ke buɗewa: kayan da aka sa wa ƙarin hotuna lafiyarsu lau, waɗanda ba a sa wa ba su ke faɗuwa. Duba adireshi biyun da ta turo ka tabbatar haka ne. Idan bayaninka bai dace da abin da ake gani ba, ba ka gano matsalar ba tukuna.

Gyaran layi ɗaya ne:

```php
if ( is_array( $hotuna ) && count( $hotuna ) > 0 ) {
```

Wato a fara tambaya ko jeri ne, idan ba jeri ba ne kada ma a je ga ƙirga.

Akwai gyare-gyare da ke kama da daidai amma ba su ba ne. Wani zai rubuta `count( (array) $hotuna )` don tilasta rubutun ya zama jeri. Shafi zai tashi, amma `(array) ''` jeri ne mai abu ɗaya a ciki, don haka ƙirgar za ta ba da 1, a buga gurbin hoto babu hoto. Wani zai sa `@` a gaba don rufe bakin kuskuren, alhali `@` ba ya hana `TypeError`. Wani kuma zai mayar da shafin kan PHP 7.4 ya karɓi kuɗinsa. Wannan ya halatta a matsayin agajin gaggawa, na awa ɗaya ko biyu don ciniki ya ci gaba kana aiki, muddin hostin ɗin ya yarda kuma ka gaya wa mai shafin. Amma ba gyara ba ne.

Gwada gyaran a Local tukuna, bayan ka sa sigar PHP ɗin ta zo daidai da ta kwastoma. Gwada kaya maras hoto, sannan mai hoto, domin gyaran da ya tayar da shafi amma ya ɓatar da hotunan da ke fitowa a da sabuwar matsala ce. Bayan haka ka nemi 'yan'uwan kuskuren, don wanda ya rubuta shi sau ɗaya ya rubuta shi a wani wurin. A VS Code danna Ctrl+Shift+F ka nemi `count(` a duk foldar tim ɗin, ka duba kowanne daga ina bayaninsa ya fito.

Tambaya ta ƙarshe kafin ka tura: tim ɗin nan wa ya yi shi? Idan an rubuta wa kwastomar ne ita kaɗai, gyara shi kai tsaye. Idan na saye ne da ake sabuntawa, sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaranka. Sai ka fara duba ko masu shi sun riga sun fitar da sigar da ta dace da PHP 8, in babu, ka kwafi `single.php` zuwa ƙaramin tim mai gado, wanda WordPress ke kira `child theme`, ka yi gyaran a can.

Tura fayil ɗin, ka share `cache`, wato tsohon kwafin shafi da ake ajiyewa don ya yi saurin buɗewa, idan shafin yana da shi, ka duba a wayarka ma. Sannan ka mayar da `WP_DEBUG` zuwa `false` ka goge `debug.log`, domin a hostin da yawa duk wanda ya san adireshinsa zai iya buɗe shi. Rubuta mata jimla huɗu: abin da ya faru, fayil da layin da ka taɓa, shafukan da ka gwada, da tunatarwa ta sauya kalmar sirrin da ta ba ka.

5. Buɗe shago

Yi rajista da sunan da ke kan katin shaidarka da ƙasar da kake zaune. Masu ɓoye ƙasa da VPN ko sayen asusun wani suna wayar gari an rufe asusun da kuɗinsu a ciki, don dandalin yakan nemi tantancewa a lokacin da ba ka zata ba.

A Fiverr kai ke baje abin da kake sayarwa, a zo a same ka. Kada ka rubuta cewa kana yin komai na shafin intanet. Rubuta abu ƙwaya ɗaya da kalmomin da mai matsala zai nema, wato ainihin saƙon da ya gani a allonsa: `critical error`, `white screen`, `PHP 8`. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, don haka aikin dala 30 dala 24 ce taka, kuma sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 bayan kammala aiki kafin ya iya cire ta.

A Upwork kai ke bin aiki, kuma kowace takardar neman aiki tana cin `Connects`, wato tikitin neman aiki, waɗanda ake saya da kuɗi. Saboda haka kada ka watsa su. Zaɓi aikin da aka sa cikin awa ɗaya ko biyu da suka wuce, wanda aka tantance hanyar biyan mai shi, kuma wanda ka taɓa ganin irin matsalarsa a littafinka. A takardar, bar dogon gaisuwa da tarihin kanka. Layin farko ya faɗi abin da kake zargi, na biyu ya yi tambaya mai ma'ana irin ukun da muka yi wa mai kujeru, na uku ya ce za ka ɗauki kwafin ajiya kafin ka taɓa komai. Idan aikin na ƙayyadadden farashi ne, kada ka fara sai ka ga an zuba kuɗin a ajiyar amanar dandalin.

Ka kula da agogo. Ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ko uku na rana ne a Kano da Maraɗi, gwargwadon lokacin shekara, don haka daga La'asar zuwa bayan Isha'i ne ayyukan Amurka ke fitowa. Mai shafin da ya faɗi yakan ɗauki wanda ya fara ba shi amsa mai hankali.

Aikin farko yana iya ɗaukar makonni bai zo ba, domin ba ka da taurarin yabo da kwastomomi ke bayarwa bayan aiki. Kafin nan, nemi makaranta ko shago ko ƙungiya a garinku mai shafin WordPress, ka gyara musu abu ɗaya, ka nemi izinin nuna hoton kafin da bayan gyara.

6. Ayyukan da za ka ƙi, da karɓar kuɗi

A watannin farko, ƙi shafin da aka yi wa kutse, ƙi duk abin da ya shafi biyan kuɗi a WooCommerce, fulogin ɗin kantin sayarwa, ƙi kuma wanda ya ce matsaloli ne 'yan kaɗan amma ya ƙi lissafa su. Irin wannan na ƙarshe zai riƙa ƙaro ɗaya bayan ɗaya a kan farashin farko. Rubuta a fili cewa kuɗin na matsala ɗaya ce, ka faɗi wacce, duk abin da ya ɓullo daban sabon ciniki ne. Idan ka shiga aiki ka ga ya fi ƙarfinka, faɗa da wuri, ka mayar da shafin yadda ka same shi daga kwafin ajiya. Soke aiki yana taɓa darajar asusunka, amma bai kai tauraro ɗaya da mummunan sharhi ba.

Duk wanda ya ce ku koma Telegram ko WhatsApp ya biya ka a can, ko ya turo fayil ya ce ka buɗe ka ga bayanin aiki, ko ya nemi ka fara biyan wani kuɗi kafin a ba ka aiki, rabu da shi. Karɓar kuɗi a wajen dandali ya saɓa dokarsu, kuma idan aka cuce ka babu mai bi maka haƙƙi.

Wajen cire kuɗi, dandalin biyu suna aiki da Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, daga nan ka tura zuwa bankinka. Buɗe asusun tun kafin aikin farko, don tantancewa takan ɗauki kwanaki, kuma ka tabbatar sunanka a dandali da Payoneer da banki iri ɗaya ne harafi da harafi: Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kuɗi. Tunda cirewa na da caji, bari su taru zuwa aiki uku ko huɗu kafin ka cire.